"Yaronku Ba Ya Ji": Gyaran Saƙon Malami Kafin Ya Isa Gida

A ce ƙarfe biyu na rana ne, uba yana zaune a rumfarsa ta kasuwa, ciniki bai kankama ba tun safe, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, malamin ajin ɗansa ne a WhatsApp:

"Salam. Yaronku ba ya ji sam. Kullum surutu da tsokana, yau ma ya daki wani. Ni na gaji wallahi. Ku ja masa kunne ko mu ɗauki mataki."

Duk wanda ya taɓa sa yaro a makaranta a 'yan shekarun nan ya san irin wannan saƙon, ko dai an turo masa ko kuma ya ga an turo wa maƙwabci. Abin da zai biyo baya ma sananne ne. Ko uban ya koma gida da yamma ya ciro bulala tun bai ji ta bakin yaron ba, ko kuma gobe da sassafe ya dira makaranta yana tambayar wane ne wannan malamin da ya gaji da ɗan da ake biya wa kuɗin makaranta. Duk hanyar da ya bi, jibi yaron zai koma benci ɗaya ya maimaita abin da ya yi, domin ba a gaya wa kowa takamaiman abin da ake so ya canza ba.

Malamin ba mugu ba ne, kuma mai yiwuwa bai yi ƙarya ba. Yana fama da yara sittin ko saba'in a aji ɗaya, ya rubuta saƙon a tsaye, alli a hannu, ransa a ɓace. Shi ya sa ya dace irin wannan saƙo ya bi ta hannun wani kafin ya fita, ko shugaban makaranta ko mataimakinsa, ko kuma shi malamin da kansa ya sake zama a kai bayan ya huce. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka gyaran shi ne a zuba wa saƙon zuma, a ƙara gaisuwa, a rage zafi. A ganina wannan ƙaramin ɓangare ne na aikin. Ainihin gyaran shi ne a cire hukuncin da malami ya yanke wa yaro, a sa abin da idonsa ya gani a madadinsa, sannan a roƙi iyaye abu ɗaya da za su iya yi.

Mu sake karanta saƙon. "Ba ya ji" hukunci ne a kan halin yaron gaba ɗaya, ba labarin wani abu da ya faru ba. Uba ba zai iya gyara "rashin ji" da daddare ba, iyakarsa ya yi duka. Sauran kalmomin da malamai kan jefa cikin fushi duk 'yan gida ɗaya ne: fitinanne, daƙiƙi, malalaci, mai taurin kai. Mafi muninsu a wajen Bahaushe shi ne "mara tarbiyya", domin wannan kalma ta tsallake yaron ta faɗa kan waɗanda suka haife shi. Malamin da ya rubuta ta yana zaton ya kwatanta ɗalibi, uwar da ta karanta kuwa ta ji an zage ta, kuma daga nan babu sauran haɗin kai. Wani masanin halayyar yara, Haim Ginott, ya gina littafinsa na 1972 a kan dangantakar malami da yaro bisa wannan ƙa'ida: a yi magana a kan abin da ya faru, a bar halin yaron da mutuncinsa. Ƙa'idar ta fi ƙarfi a rubutu fiye da a baki, saboda maganar baki iska kan ɗauke ta, saƙon waya kuwa yana nan ana sake karantawa, ana nuna wa kawu da gwaggo.

"Kullum" ita ma tarko ce. Da wuya ta zama gaskiya, kuma yaro mai wayo zai rushe ta cikin daƙiƙa ɗaya: "Baba, jiya fa ban yi komai ba, ka tambayi monita." Da zarar uba ya kama ƙari a wuri ɗaya, sai ya fara shakkar sauran. "Na gaji" labarin malami ne, wurin kai shi ofishin shugaban makaranta. "Mu ɗauki mataki" kuwa barazana ce da ba ta da suna. Wane mataki? Kora, ko dakatarwa, ko shara? Galibi malamin aji ba shi ma da ikon yanke ko ɗaya daga cikin manyan.

Idan aka cire waɗannan duka, abin da ya rage a saƙon jimla ɗaya ce: yau ya daki wani. A nan mai gyara yakan gane cewa ba zai iya aikin daga kan kujerarsa ba. Ba shi da kayan da zai gina sabon saƙo, kuma ba daidai ba ne ya ƙirƙira. Dole ya kira malamin ya yi masa tambayoyi, kuma minti biyar ɗin da za su yi suna magana sun fi duk wata gwanintar rubutu amfani.

Mu ci gaba da misalinmu, mu kira yaron Sani, ɗan aji huɗu na firamare. Mataimakiyar shugabar makaranta ta kira malamin ta ce, "Malam, yaushe abin ya faru?" Ya ce yau Talata, bayan an dawo daga tara, a darasin lissafi. Me ya yi daidai? Ya bugi na kusa da shi da rula a hannu. An ji ciwo? A'a, yaron ya yi kuka amma babu rauni. Me ya faru gab da haka? Malamin ya ɗan yi shiru, sannan ya tuna: Sani ya jawo littafin yaron yana kwafa, mai littafi ya fizge. To surutun da tsokanar fa, sau nawa a makon nan da wanda ya wuce? Da aka ƙirga, sau uku ne: Laraba, Alhamis, sai yau. Kuma duka ukun a lokacin da ake kwafar aiki daga allo. A ina yake zama? Bencin ƙarshe. Kai me ka yi a kai? Na raba su, na sa ya ba da haƙuri.

Dubi yadda "kullum" ta koma sau uku cikin mako guda, kuma aka ga zaren da ya ɗinke su. Yaro a bencin ƙarshe, yana tashi daga wurinsa ko yana leƙa littafin wani duk lokacin da aka ce a kwafi allo. Wataƙila ba ya ganin allon da kyau. Wataƙila kuma rubutunsa ne ke da nawa, ana goge allo bai gama ba. Wataƙila wasa ne kawai. Malami ba likita ba ne, bai kamata ya rubuta wa iyaye cewa ɗansu yana da ciwon ido ko matsalar ƙwaƙwalwa ba. Amma yana da cikakken iko ya faɗi abin da ya lura da shi, ya bar musu tambaya.

Ga saƙon bayan gyara:

"Assalamu alaikum, Baban Sani. Da fatan kuna lafiya, ya iyali? Malamin aji huɗu ne. Ina so in sanar da ku abin da ya faru yau Talata a darasin lissafi. Sani ya ɗauki littafin abokin zamansa zai kwafa, da yaron ya karɓe, sai ya buge shi da rula a hannu. Ba a ji rauni ba. Na raba su, Sani ya ba da haƙuri, an wuce wurin. Wannan ne karo na uku tun Larabar da ta wuce da yake barin aikinsa ya koma kan littafin wani, kuma duka a lokacin kwafa daga allo ne. Idan tambaya ce ta baki, yana cikin masu saurin amsawa. Daga gobe zan dawo da shi bencin gaba. Roƙona shi ne ku tambaye shi cikin natsuwa ko yana ganin rubutun allo sosai daga inda yake zama, ku sanar da ni abin da ya ce. Mun riga mun hukunta shi a nan, ba sai an ƙara ba. Ranar Juma'a zan turo muku yadda makon ya kasance, in sha Allah. Na gode."

Ya fi na farko tsawo nesa ba kusa ba, amma bai kai minti ɗaya a karatu ba, kuma kowace jimla tana da aikin da take yi. Gaisuwar ba ado ba ce. A wajenmu wanda ya faɗo maka da magana ba sallama ya riga ya nuna raini, kuma "Salam" tsurarta ta fi kama da ƙwanƙwasa ƙofa da ƙafa. Yadda aka kira uban ma abin lura ne: Alhaji, Hajiya, Malam, Baban wane, Maman wance, gwargwadon yadda aka san mutum, tare da "ku" ta girmamawa ko da malamin ya girme shi. Faɗin ko wane ne ke magana ya zama dole, don ba kowane uba ne ya ajiye lambar malami ba.

An ambaci dukan ƙarara, ba a ɓoye shi a bayan "ɗan saɓani" ba. An kuma faɗi cewa babu rauni, domin ita ce tambayar farko da za ta zo wa uba. Sunan ɗaya yaron kuwa bai fito ba, kuma da gangan ne. A unguwa ɗaya ake zaune, masallaci ɗaya ake salla. Sunan da aka sa a saƙo zai iya mayar da rigimar rula ta zama gaba tsakanin gidaje biyu. Iyayen wancan yaron su ma za a tura musu nasu saƙon daban, ba tare da sunan Sani ba. Yaran za su faɗa a gida, wannan babu makawa, amma ba daga bakin makaranta ba.

Jimlar yabon tana bukatar taka-tsantsan. "Yana cikin masu saurin amsawa" ta shiga ne saboda gaskiya ce, kuma tana da alaƙa da batun: yaron da ke gane darasi a baki amma yake rikicewa a wajen kwafa, alama ce da ta cancanci a bi. Da a ce mai gyara ya rubuta "Sani yaro ne mai hazaƙa da ladabi" don kawai a sanyaya zuciya, uba zai gane share fage ake yi, ko kuma ya riƙe yabon ya watsar da sauran. In babu abin yabo na gaskiya da ya shafi maganar, gara a bar gurbin.

Sai kuma jimlar da na fi ba muhimmanci, wadda ba za ka same ta a jagororin da aka rubuta don wasu ƙasashe ba: "Mun riga mun hukunta shi a nan, ba sai an ƙara ba." A gidajenmu da yawa, "ku ja masa kunne" fassararta bulala ce, wani lokaci wayar wuta. Malamin da ya tura saƙo ya kamata ya san cewa yana iya zama sanadin abin da zai sami yaro da daddare. Yaron da aka jibga saboda saƙo yakan koyi abu biyu: malamin nan abokin gaba ne, kuma ya kamata a riƙa ɓoye duk takardar da ta fito daga makaranta. Faɗa wa uba cewa an riga an yi hukunci yana sauke masa nauyin nuna cewa shi ma bai yi sake ba, sannan a ba shi wani aiki a madadin duka, wato tambaya ɗaya da zai yi.

Roƙon ya zama ɗaya, kuma wanda za a iya yi a daren nan. "Ku ƙara sa ido a kansa" ba roƙo ba ne, don babu wanda ya san ta inda zai fara. "Ku duba jakarsa da safe ku tabbatar akwai fensir da littafin lissafi", ko "ku taimaka ya bar gida kafin bakwai da kwata", waɗannan ana iya yi, ana kuma iya gane an yi ko ba a yi ba. Akwai binciken da ya taɓo wannan. A 2015 wasu masana biyu a Amurka, Matthew Kraft da Todd Rogers, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da ɗaliban sakandare masu maimaita darussan da suka faɗi a lokacin hutu. Kowane mako ana tura wa iyayen wasunsu saƙon jimla ɗaya daga malami. Cikin waɗanda ba a tura wa iyayensu ba, kusan kashi 16 cikin ɗari ba su ci darasin ba. Cikin waɗanda aka tura wa, abin ya sauko zuwa kusan kashi 9. Saƙonnin da suka fi tasiri kuwa su ne masu faɗin abin da ɗalibi zai gyara, fiye da masu yabo zalla. Makarantunsu ba irin namu ba ne, kuma ɗaliban manya ne, don haka ba zan ce alƙaluman za su maimaitu a Kano ko Zinder ba. Amma darasin ya yi daidai da abin da malamai masu gogewa suka sani: iyaye suna motsawa ne idan an ba su abin kamawa.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da masu gyara suka fi yi, wato wanke saƙo har ya rasa ɗanɗano. Ka ba wani mai tsoron ɓacin ran iyaye saƙon farko, musamman a makarantar kuɗi inda kowane uba abokin ciniki ne, sai ya dawo maka da wannan: "Muna yaba ƙoƙarin ɗanku, muna kuma fatan za ku ci gaba da ba mu haɗin kai wajen inganta ɗabi'unsa." Uba ya karanta, ya amsa da "Madalla, mun gode", bai san an daki kowa ba. Bayan wata biyu a kira shi a ce za a dakatar da yaro, ya ce ba a taɓa gaya masa ba, kuma gaskiyarsa. Saƙo mai zafi yana jawo faɗa yau, mai laushin banza yana ajiye faɗan zuwa ƙarshen zango, lokacin da ya fi girma.

Hanyar gane ko gyara ya yi ba ta da wuya. Ka miƙa wa wani malamin da bai san zancen ba, ya karanta sau ɗaya, ka karɓe wayar ka tambaye shi: me yaron ya yi, me makaranta ta yi, me ake so uba ya yi? In ya amsa ukun ba tare da inda-inda ba, saƙon ya tsaya da ƙafarsa. Sannan shi malamin da ya rubuta na farko ya karanta ya tabbatar babu abin da aka ƙara masa ko aka rage, domin da sunansa zai fita, shi kuma uba zai tara a bakin ƙofa. Amsar iyaye ma ma'auni ce. Idan uba ya dawo da "Me ya yi ne wai?", saƙon bai faɗi komai ba. Idan ya dawo da "Ɗana ba haka yake ba", an bar hukunci a ciki. Idan ya ce "Na tambaye shi, ya ce hazo-hazo yake gani", an dace.

Akwai 'yan abubuwan waya da ke ɓata saƙo mai kyau. Na farko shi ne zauren iyaye na WhatsApp. Wurin sanarwar hutu da ranar jarrabawa ne. Laifin yaro ɗaya ba ya shiga can, ko da an sakaya suna, don iyaye arba'in za su gane ko ɗan wa ake nufi kafin la'asar. Na biyu, a tuna wa zai karanta. A gidaje da dama wayar uba ce amma uwa ce ke tare da yaran, ko kuma wanda aka tura wa ba ya karanta boko sai yayan yaron ya karanta masa, wani lokaci ma shi mai laifin da kansa. A irin wannan hali saƙon murya ya fi, amma a rubuta shi tukuna sannan a karanto, kada ya wuce minti ɗaya, don murya tana tona fushin da rubutu ke rufewa. Turancin da ake cusawa don a nuna makaranta ta waye shi ma ba shi da amfani in mai karɓa sai ya nemi tafinta a kan sirrin ɗansa.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Wayoyi da yawa ba a saita su da ƙ, ɗ da ɓ ba, ga shi kuwa fada daban faɗa daban, baki daban baƙi daban. Galibi mai karatu yana ganewa daga zancen, amma a saƙon da ya shafi laifi bai kamata a bar shi yana canka ba. Mai tura saƙon tes na yau da kullum kuma ya sani cewa saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar harafi mai lanƙwasa ya shiga sai ya koma 70, kuɗin ya ƙaru. A WhatsApp babu wannan matsalar, kuma yana ba da minti 15 a gyara saƙon da aka riga aka tura. Kada a dogara da hakan. Uban da ke riƙe da waya ya karanta tun a minti na farko, wataƙila ma ya ɗauki hotonsa.

Ba kowace magana ce ke gyaruwa ta zama saƙo ba. Idan an ji rauni har an ga jini, a kira waya nan take. Zargin sata, ko abin da ya shafi taɓa jikin yarinya ko yaro, ko shaye-shaye, waɗannan ba a rubuta bayaninsu a waya ko da da wace irin lafazi. Abin da za a rubuta kawai shi ne gayyata, da rana da lokaci, da wanda za a gani, kuma daga ofishin shugaban makaranta za ta fito. Idan kuma malami yana ganin tabon duka a jikin yaro, ko yana zargin daga gida matsalar take, to tura ƙorafi gidan ƙara wa wuta fetur ne. Wannan magana ce da zai fara kai wa shugabansa.

Abu na ƙarshe a saƙon Sani shi ne alƙawarin Juma'a, kuma shi ne aka fi mantawa. Yaro ya dawo bencin gaba, ya zauna lafiya kwana uku, malami ya ji sauƙi ya shiga wata sabgar. Uban da aka tayar wa hankali ranar Talata bai sake jin komai ba, sai ranar da aka sake yin wani laifin. Da haka iyaye ke koyon cewa lambar malami ba ta fitowa a waya sai da mugun labari, har su daina buɗewa. Saƙon Juma'ar bai wuce layi biyu ba: "Assalamu alaikum, Baban Sani. Tun da ya dawo gaba yana kammala kwafarsa, ba a sake samun rigima ba a kwana ukun nan. A yaba masa." Malam, in ka yi alƙawarin Juma'a, ka rubuta shi a gefen rajista tun ranar Talata, ka kuma tura kafin a tashi.